Gobara ta ci sitona, kamfanin inshora ya ce ba zai biya ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar shinkafa ne a Argungu. A watan Maris na 2024 na ci bashin banki, sunka ce dole in yi wa kayan sito inshorar gobara, anka yi ta naira miliyan 12. Daren 9 ga Janairu 2025, wajen ƙarfe biyu da rabi, wuta ta tashi daga shagon maƙwabcina bayan an kawo lantarki, ta biyo rufi ta faɗo sitona. Buhu 400 na shanshera gare ni, 300 sunka ƙone, ko wane buhu dubu 50 a lokacin. Da gari ya waye na kira wakilin kamfanin, na tura mashi hotuna. Ran 16 ga wata mai ƙiyasta asara ya zo. Wakilin bai kawo min fom na neman diyya ba sai 28 ga wata, na cike na mayar 3 ga Fabrairu. Yanzu ga takarda mai kwanan wata 14 ga Afrilu, wai ba su biya, kan dalili uku: na wuce kwana 15 ban kai buƙata a rubuce ba, wa'adin tukunyar kashe gobara ya ƙare tun Oktoba, kuma na ɓoye masu cewa ina ajiye fetur. Jarka biyu ce ta injin ban ruwa, a makon nan na ajiye su bakin ƙofa, ko wuta ba ta taɓa su ba. Banki na bi na miliyan 7. Ga hoton takardar. Shi ke nan na yi asara?

Daga wani ɗan kasuwa, Argungu, Jihar Kebbi

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar maka da mafi alheri, ya kiyaye gaba. Na karanta takardar sau uku, kuma amsata ita ce a'a, magana ba ta ƙare ba. Na daɗe ina aiki a teburin biyan diyya, na san yadda ake rubuta irin wannan takarda. Ba hukuncin alƙali ba ce, matsayin kamfani ne, kuma duk dalilin da suka rubuta a ciki sun ɗora wa kansu nauyin kare shi. Cikin ukun nan, ɗaya ba shi da ƙarfi, ɗaya ana iya ja da shi sosai, ɗaya kuma yana buƙatar ka taka a hankali. Zan kuma gaya maka tun yanzu, don kada ranka ya ɓaci daga baya, ko ka yi nasara ba miliyan 15 za ka karɓa ba, ba ma 12 ba. Za mu zo kan lissafin.

Kafin mu shiga abin da suka rubuta, dubi abin da ba su rubuta ba. Ba su ce ba a biya kuɗin inshorar ba. Wannan ita ce ƙofar da in ta rufe babu mai buɗe ta, domin sashe na 50 na Dokar Inshora ta 2003, wadda ke aiki lokacin wannan gobara kafin a sauya ta a 2025, ya ce babu inshora sai an biya kuɗinta tukuna. Ba su ce wa'adin yarjejeniyar ya ƙare ba, tunda Janairu na cikin shekarar da ka biya. Ba su ce irin wannan gobara ba ta cikin abin da suka ɗauki nauyi ba. Mafi girma duka, ba su zarge ka da zamba ba, ba su ce kai ka sa wuta ko ka ƙara yawan buhuna ba. Ke nan sun yarda akwai yarjejeniya, sun yarda an yi gobara, sun yarda ta cinye kaya. Abin da suka riƙe kawai shi ne wai ka saɓa wasu sharuɗɗa. A dokar 2003 kuwa, saɓa sharaɗi kaɗai ba ya ba kamfani damar tafiya da kuɗin mutum.

Abu na farko da za ka yi gobe da safe shi ne ka je banki ka karɓi kwafin cikakkiyar takardar yarjejeniyar. Na lura ba ka turo min ita ba, kuma na san dalili: idan inshorar bashi ce, banki ke riƙe ta, a ba mai kaya shafi ɗaya kawai ko ma a hana shi komai. Takardar ƙin biyan ta ambaci lambobin sharuɗɗa, kai kuwa ba ka taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin lambobin ba. Ka nemi dukan shafukan, har da ƙananan takardun da ake liƙawa a baya, domin a nan sharaɗin tukunyar kashe gobara da na kayan da ke saurin kama wuta suke zama. Ka kuma nemi kwafin fom ɗin da ka sa wa hannu a watan Maris na 2024. Wannan fom shi ne rabin shari'arka.

Idan takardar ta zo hannunka, kada ka fara da sharuɗɗan da suka ambata. Fara neman sharaɗin wa'adi. Takardun inshorar gobara da yawa suna ɗauke da layin da ke cewa idan an ƙi biyan mutum bai kai ƙara ba cikin wata uku, haƙƙinsa ya faɗi, wasu kuma suna yanke wata 12 daga ranar gobara. In taka mai wata uku ce, ka ƙirga daga 14 ga Afrilu, ba daga ranar da takardar ta iso hannunka ba, don ka fita daga gardama. Ke nan 14 ga Yuli. Ka rubuta wannan rana a inda za ka riƙa ganinta. Na ga mutanen da ke da gaskiya ƙarara sun rasa kuɗinsu ba don komai ba sai don an yi ta ce musu ana dubawa, ana dubawa, har wa'adi ya wuce. Rubuta wasiƙar koke ba ta tsayar da wannan lissafi, sai dai in kamfanin ya amince da haka a rubuce.

To, dalilinsu na farko, jinkiri. Wannan shi ne mai rauni, kuma kwanakin da ka lissafo su suka karya shi. Sharaɗin sanarwa yakan zo hawa biyu: ka sanar da kamfani nan take cewa abu ya faru, sannan ka kawo bayanin asarar a rubuce cikin kwanakin da aka yanke, wanda a takardarka suka ce 15 ne. Hawa na farko ka cika shi, domin ka kira wakilinsu ranar 10 ga Janairu, awanni kaɗan bayan wutar. Hawa na biyu kuwa gaskiya ne ka wuce, kwana 15 sun cika 24 ga Janairu, kai kuma ka kai fom 3 ga Fabrairu. Amma tambayi kanka, don me aka sa wannan sharaɗi? Don kamfani ya samu zuwa ya ga wurin tun toka ba ta huce ba, kafin a share, kafin a kwashe. Su kuwa sun zo. Mai ƙiyasta asara ba ya tashi daga Kano ko Kaduna ya nufo Argungu don ra'ayin kansa, kamfani ke turo shi, kamfani ke biyansa. Zuwansa ranar 16 ga wata, kwana bakwai da gobara, shaida ce daga hannunsu cewa labari ya iso musu a kan lokaci. Sannan fom ɗin da suke cewa ka makara da shi, wakilinsu ne ya kawo maka shi ranar 28, kwana huɗu bayan wa'adin ya cika, suka kuma karɓa da ka mayar ba tare da sun ce uffan ba. Wanda ya miƙo maka fom bayan wa'adi, ya karɓa, ya riƙe shi kwana 70 yana nazari, da wuya ya juyo ya ce wa'adin ne ya hana shi biya.

Sai dai baki ba ya isa a nan. Kada ka goge komai a wayarka, kada ka sayar da ita, kada ka ba yaro ya yi wasa da ita. Ka ɗauki hoton jerin kiran da ka yi ranar 10, da hirarku ta WhatsApp inda kwanan wata da lokaci suka fito, ka buga su a takarda. In mai ƙiyasta asarar ya bar maka kati, ko ya sa ka sa hannu a wata takarda, ko akwai wanda ya ɗauke shi hoto a wurin, duk ka haɗa. Ka kuma bincika abu guda: mutumin nan da kake kira wakili, na kamfanin ne, ko dillalin inshora ne mai zaman kansa, ko ma'aikacin banki ne? Bambancin yana da nauyi. Abin da ka gaya wa wakilin kamfani kamar ka gaya wa kamfani ne, dillali kuwa a ido na doka naka ne, ba nasu ba. Ko da dillali ne, zuwan mai ƙiyasta asarar ya wadatar, amma gara ka sani kafin su su gaya maka.

Dalili na biyu, tukunyar kashe gobara. A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne dokar ta fi yi maka aiki kuma nan ne mutane suka fi saurin karaya. A tsohuwar ƙa'idar da muka gada daga Turawa, idan takarda ta kira abu waranti, wato alƙawarin da dole ka tsare, to ko ya shafi asarar ko bai shafe ta ba, da ka saɓa shi ke nan. Dokar 2003 ba ta bar abin haka ba. Sashe na 55 ya ce saɓa sharaɗi, ko da wane suna aka kira shi, ba ya zama hujja sai in sharaɗin yana da nauyi kuma yana da alaƙa da haɗarin ko asarar da aka yi wa inshora. Ya ƙara da cewa kamfani ba shi da ikon ƙin biya saboda saɓa sharaɗi sai a hali biyu: in saɓawar zamba ce, ko in sharaɗin yana cikin ginshiƙan yarjejeniyar. Sannan ya ce in an saɓa sharaɗi mai nauyi amma bai kai na ƙin biya ba, kamfani zai biya gwargwadon asarar da za a yi da a ce ba a saɓa ba.

Ɗauki wannan na ƙarshe ka auna shi da darenka. A ce ranar 8 ga Janairu ka kai tukunyar an yi mata sabon ɗuri, an liƙa mata sabuwar takarda. Ƙarfe biyu da rabi na dare, sito a kulle, kai kana gida, tukunya na rataye a ciki. Wuta ta biyo rufi daga shagon wani, a tsakiyar hunturu. Wa zai ɗauki tukunyar? Buhu nawa za ta ceta? Ko ɗaya. Asarar da za a yi da tukunya sabuwa ita ce dai asarar da aka yi da tsohuwa. Wannan ita ce hujjarka, kuma a haka za ka rubuta ta, da lokaci, da inda wutar ta fito, da inda tukunyar take.

Ba zan ɓoye maka inda za su ɓullo ba. Za su ce sharaɗin tukunya ginshiƙi ne, domin dokar ta fassara ginshiƙi da sharaɗin da kamfani mai hankali zai duba kafin ya karɓi haɗarin da kuma wajen yanke kuɗin da za a biya. Idan ka duba takardarka ka ga an yi maka ragin kuɗi saboda kana da kayan kashe gobara, maganarsu ta ƙara ƙarfi. In ba a yi ragi ba, kuma babu wanda ya zo ya duba sito kafin a karɓi kuɗinka, ta yi rauni. Haka kuma in akwai mai gadi da ke riƙe da makullin sitonka a daren, ko kai ka iso tun wutar tana ƙarama ka jawo tukunyar ta ƙi aiki, to hoton ya canza, kuma dole ka gaya wa lauyanka gaskiyar yadda aka yi. Ka kuma karanta lafazin sharaɗin da kyau. Wani yana cewa a ajiye tukunya mai aiki ne kawai, wani yana cewa a riƙa kai ta dubawa duk bayan wani lokaci. In naka na farko ne, ƙarewar kwanan watan da ke jikin takardar liƙi ba ya nufin tukunyar ta mutu. In ba ta ƙone ba, kada ka yar da ita, kada kuma ka kai a yi mata ɗuri yanzu. Ɗauki hoton agogon da ke wuyanta. In allurar na kan kore, ka samu ƙarin magana.

Sai na uku, fetur. Wannan shi ne wanda nake so ka natsu a kansa, domin fetur a cikin sito ba ƙaramin abu ba ne a idon kowane kamfani, kuma ba su yi laifi ba da suka tsaya a kai. Amma dubi kalmar da suka zaɓa. Sun ce ka ɓoye. Ɓoyewa tana nufin a ranar da kake cike fom na neman inshorar akwai wani abu da ka sani ka ƙi faɗa. Kai kuma ka ce a makon gobarar ka ajiye jarkokin, wata tara ko goma bayan cike fom. Mutum ba ya ɓoye abin da babu shi. Sannan sashe na 54 na dokar ya ɗora wa kamfani nauyin tsara fom ɗinsa yadda zai tambayi duk abin da yake ganin yana da muhimmanci, abin da bai tambaya ba kuwa ana ɗaukarsa ba mai muhimmanci ba. Shi ya sa na matsa ka nemo fom ɗin. In babu tambayar mai ko kayan da ke kama wuta a ciki, zargin ɓoyewa ya faɗi. In akwai, aka amsa a'a, kuma a watan Maris ɗin babu fetur a sito, amsar gaskiya ce a ranar da aka ba da ita.

Ga inda nake jin tsoro. Na san Argungu, na san watan Maris ana tsakiyar ban ruwan shinkafar rani a fadama, kuma duk mai inji yana da inda yake ajiye mansa. In al'adarka ce kowace shekara ka riƙa ajiye jarkoki a sito, har da lokacin da aka cike fom, to kada ka rubuta cewa sau ɗaya ne. Maƙwabta sun gani, 'yan dako sun gani, mai ƙiyasta asara kuma ya yi hira da su. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan harka ƙarya guda tana mayar da magana daga saɓa sharaɗi zuwa zamba, inda doka ba ta kare kowa. Ka kuma sani, in wakili ne ya cike maka fom kai ka sa hannu kawai, dokar ta ce a wajen cikewar naka ne shi, don haka ba za ka tsira da cewa ba kai ka rubuta ba. Abin da zai taimake ka shi ne in ka gaya masa da bakinka kana ajiye mai, kuma akwai wanda ya ji, domin wannan sashen dai ya ce abin da aka bayyana wa wakili a cikin aikinsa an bayyana wa kamfani.

Ko zargin ɓoyewa ya faɗi, ka sa ran za su sake shiri su dawo ta wata ƙofa, su ce akwai sharaɗin hana ajiye kaya masu haɗari, ko na sanar da su in haɗari ya ƙaru. A nan ne maganar da ka faɗa a gajarce take da daraja fiye da yadda kake zato: wuta ba ta taɓa jarkokin ba. Yadda mai ƙiyasta asarar ya san da su ma shi ne don ya same su lafiya. Fetur ɗin da bai kama ba bai tayar da wuta ba, bai ƙara mata ƙarfi ba, bai ƙona buhu ko ɗaya ba. Buhu 100 da suka tsira ma, in na fahimce ka daidai, a gefen ƙofar suke, kusa da jarkokin. Sai mu koma ga wancan ma'auni na sashe na 55, da babu fetur ɗin me za a rasa? Buhu 300 dai. Abin da zai tabbatar da wannan shi ne rahoton 'yan kwana-kwana. Je ofishinsu ka nemi rahoton a rubuce, wanda ya faɗi inda wutar ta faro da inda ta tsaya, in kuma su suka fitar da jarkokin ka roƙe su su rubuta hakan. Ka haɗa da takardar 'yan sanda in ka kai rahoto, da hotunan safiyar ranar da jarkokin suka fito a ciki, da shaidar mutum biyu da suka taya kashe wutar, su yi rantsuwa a kotu a buga hatimi. Ka kuma nemi kamfanin, a rubuce, ya ba ka kwafin rahoton mai ƙiyasta asarar. Sukan ƙi, su ce nasu ne, amma ka nema, domin hukuma na iya sa su fito da shi.

Yanzu lissafi. A watan Maris ka yi inshorar miliyan 12. Ranar gobara kayan da ke sito buhu 400 ne a kan dubu 50, wato miliyan 20. Takardun inshorar gobara kusan duka suna da sharaɗin da ke cewa in darajar kayan ta fi kuɗin da aka yi wa inshora, to mai kaya shi ya ɗauki nauyin ragowar, kuma za a raba asarar a kan haka. Kai ka yi wa kashi uku cikin biyar inshora, 12 cikin 20, don haka kashi uku cikin biyar na asarar za su biya. Asararka miliyan 15, kasonsu miliyan 9. Daga nan a cire kason farko da takarda ta ce mai kaya ke ɗauka a kowace asara. A ce naka kashi 10 cikin ɗari ne, dubu 900 ke nan, saura miliyan 8 da dubu 100. In ka sayar da shinkafar da ta yi rabin ƙuna ga masu kiwo, za a cire wannan ma daga asarar tun kafin a raba. Sannan tunda bankin ne ya sa aka yi inshorar, sunansa na kan takardar a matsayin wanda za a fara biya, zai ɗauki miliyan 7 ɗinsa da abin da ya hau kai. Abin da zai iso hannunka zai yi wuya ya wuce miliyan ɗaya da 'yan kai. Na san ba haka ka so ji ba. Amma ka duba ta ɗaya gefen: mutumin da gobara ta ci kuma bashin miliyan 7 ke wuyansa daban, wanda gobara ta ci ya fita babu bashi daban.

Wannan kuma shi ke nuna maka abokin tafiya. Bankin yana da asara a ƙin biyan nan kamar yadda kake da ita. Kai musu kwafin takardar, ka zauna da manaja, ka nemi su ma su rubuta wa kamfanin. Banki yana kai wa kamfanin inshora ciniki mai yawa a shekara, wasiƙarsa ba ta kwana a tire kamar ta mutum ɗaya. Ka roƙe su kuma su sassauta maka biyan bashin har a gama. In sun taɓa zuwa ƙirga kayan sito a matsayin jingina, rahoton ƙirgar yana wurinsu, ka karɓi kwafi, domin da zarar an janye dalilai ukun nan gardama ta gaba ita ce yawan buhuna. In littafin sito ya ƙone, ka fara tattara madadinsa tun yanzu: bayanan asusunka na banki da ke nuna kuɗin da ka tura wa manoma da dillalai bayan girbi, littafin dillalan su kansu, da lissafin 'yan dako da suka sauke kaya.

Wasiƙar neman sake duba hukuncin kada ta wuce shafi biyu. A sama lambar yarjejeniya da lambar buƙatarka da kwanan watan takardarsu. Ka aika ta ga shugaban kamfanin a babban ofishinsu, ba ga wakilin da ya kawo maka fom ba, ka ba banki kwafi. Ka ɗauki dalilansu ɗaya bayan ɗaya yadda suka jero su, ƙarƙashin kowanne ka faɗi abin da ya faru da kwanan wata, ka ambaci shaidar da ka liƙa, ka ambaci sashen dokar. Babu zagi, babu Allah ya isa, babu labarin iyali, duk da na san zuciya cike take. Ka rufe da cewa kana neman su janye takardar su biya, kuma kana jiran amsa a rubuce cikin kwana 14. Kada ka sa zancen cewa sun makara da amsa maka, domin ba su makara ba: dokar 2003 ta ba su kwana 90 daga ranar da ka kai buƙata su faɗi dalilin ƙin biya a rubuce, su kuwa sun yi a kwana 70. Hujja mara ƙarfi tana rage wa masu ƙarfi kwarjini. Ka samu lauya ya duba wasiƙar kafin ta tafi, wanda ya taɓa yin shari'ar inshora in da hali, a Birnin Kebbi ko Sakkwato. Ka kai ta da hannu a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ko ta kamfanin aika saƙo mai ba da rasit.

In kwana 14 suka wuce shiru, ko suka maimaita maganarsu, sai ka kai koke ga NAICOM, hukumar da ke ba kamfanonin inshora lasisi kuma take sa musu ido. Hedikwatarta na Abuja, tana da sashen sauraron koke, kuma ba a biyan kuɗi. Ka haɗa mata duk abin da ka aika wa kamfanin da amsar da suka ba ka. Takan nemi kamfani ya yi bayani, takan kuma zaunar da ɓangarorin biyu. Amma idonka na kan 14 ga Yuli. In ranar ta matso ba a gama ba, lauya ya shigar da ƙara don ya tsare maka haƙƙi, sulhu na iya ci gaba bayan haka. In ka ga sharaɗin kai saɓani gaban masu sasanci a takardarka, nuna wa lauyan, domin a takardu da yawa wannan ya shafi saɓani kan yawan kuɗi ne kawai, ba ƙin biya gaba ɗaya ba.

Akwai yiwuwar bayan wasiƙarka su kira ka su ce za su ba ka wani abu na alfarma, ba don sun yarda da bashi ba. Wannan alama ce cewa sun ga raunin takardarsu. Kada ka amsa a waya. Duk abin da za su ba ka zai zo da takardar sallama da za ka sa wa hannu cewa ka karɓi haƙƙinka duka, bayan ita kuma babu komawa. Ka auna tayin da miliyan 8 da dubu 100 da muka lissafa, ba da miliyan 15 ba. In sun zo kusa da shi, ni a ganina karɓa ya fi shekaru a kotu bashi na ƙaruwa, musamman da yake maganar fetur ba ta rasa ƙaya. In kuwa miliyan biyu ko uku suka ambata, ka ce su rubuto maka yadda suka yi lissafin, ka kai wa lauya da manajan banki ku duba tare kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Idan ka karɓo yarjejeniyar da fom ɗin, turo min hoton shafin da ke ɗauke da sharaɗin wa'adi, da na tukunya, da tambayoyin fom ɗin, in karanta maka lafazinsu ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba da sa'a, Alhaji.